Kafin a zagi yara, a duba tambayoyin

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na saurari shirinku na daren Lahadi, kuma ban ji daɗin dariyar da mai gabatarwa ya yi ma waccan malama da ta bugo waya daga Yamai ba. Abin da ta ce gaskiya ne: a riƙa bin tambayoyin jarrabawa ɗaya bayan ɗaya bayan an gama gyara, a ga wacce ta yi aiki wacce ba ta yi ba. Sai baƙonku ya ce wai malamin tarihi ba malamin lissafi ba ne, aka yi dariya, aka katse ta, aka koma kan cewa yaran yanzu ba su karatu, sai waya, sai kallon ƙwallo. Minti nawa aka ɗauka ana sukar yara, babu wanda ya ce a kawo takardar jarrabawar a gani.

Ni ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wani kwaleji nan Tawa, ajin ƙarshe, masu shirin BEPC. Lissafin da ake ma dariya bai wuce ƙirga da ragewa da rabawa ba, kuma bari in nuna maka shi a kan takardun da suka bi ta hannuna.

A zangon da ya wuce mun yi jarrabawa ɗaya ga dukan ajujuwan, akwai sashe na tambayoyi masu zaɓi huɗu. Ajina yara 60 ne. Da na gama gyara sai na jera takardun daga mai maki mafi yawa zuwa mai mafi ƙaranci, na ware 16 na sama gefe guda, 16 na ƙasa gefe guda, na tsakiya na ajiye su. Sha shidan nan kashi 27 cikin 100 ne na ajin, ƙa'idar da wani Ba'amurke mai suna Kelley ya fitar tun 1939, amma wanda ya ɗauki rubu'i ko sulusi ma bai yi laifi ba. Daga nan abu biyu kawai ake nema ga kowace tambaya. Na farko, yara nawa cikin ajin duka suka ci ta, wannan shi ne sauƙinta. Na biyu, na sama nawa suka ci, na ƙasa nawa suka ci, a rage, a raba da 16. Wannan shi ne ƙarfinta na bambance wanda ya yi karatu da wanda bai yi ba.

Tambaya ta farko ta ce wa ya zama shugaban ƙasar Nijar na farko. Zaɓin: Jori Hamani, Samori Ture, Mansa Musa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Yara 58 suka ci. Na sama duka 16, na ƙasa 15. Bambanci ɗaya cikin sha shida, kusan sifiri ke nan. Wallahi har yaron da ban taɓa ganin littafinsa a buɗe ba ya ci ta, don ba sai ka san Jori ba, ya isa ka san cewa sauran ukun ba su taɓa zama shugaban ƙasa a nan ba. Zaɓi uku sun mutu tun ba a fara ba. Da an sa Jibo Bakari, wanda ya jagoranci gwamnati kafin ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, da Bubu Hama da ya shugabanci majalisar dokoki, da Saini Kunce da ya karɓi mulki a 1974, da yaro ya tsaya ya yi tunani. Ban ce tambaya mai sauƙi haramun ce ba. Ɗaya ko biyu a farkon takarda suna kwantar ma yaro hankali. Amma idan rabin takardar haka take, matsakaicin aji zai hau 14 bisa 20, darakta ya yi murna, iyaye su yi murna, ranar BEPC a sha mamaki.

Wadda ta sa na ɗauki alƙalami ita ce tambaya ta bakwai. Da Faransanci take, ma'anarta: a wace shekara Nijar ta zama jamhuriya? Zaɓin 1922, 1958, 1960, 1974. A takardar amsoshin da aka raba mana an rubuta 1960. Yara 33 cikin 60 suka zaɓi 1960, wato kashi 55 cikin 100. Duk wanda ya tsaya nan zai ce madalla, ga tambaya daidai wa daida, ba sauƙi ba tsanani. Haka baƙonku zai ce, tunda shi matsakaici kawai yake dubawa.

To amma duba tulin nan biyu. Cikin 16 na sama, biyar kawai suka zaɓi 1960. Sauran sha ɗayan duka 1958 suka zaɓa, babu ko ɗaya da ya taɓa 1922 ko 1974. Cikin 16 na ƙasa kuwa, sha ɗaya suka zaɓi 1960, biyu 1958, uku 1974. Biyar a cire sha ɗaya, saura shida ƙasa da sifiri, a raba da 16, ya ba da kusan -0,38. Ma'anarsa, iya ƙoƙarin yaro a sauran takardar, iya yiwuwar ya faɗi wannan tambaya. Tambayar da ke kayar da masu karatu ta ɗaga marasa karatu ba yara ke da laifinta ba. Kuma ba sai an yi duba ba kafin a gane inda matsalar take, tunda na sama ba warwatse suka yi ba, wuri ɗaya suka taru. Idan ƙwararrun aji suka taru a kan amsa ɗaya wadda takardar gyara ta ce kuskure ce, takardar gyaran ake fara tuhuma.

Kuma yaran ne ke da gaskiya. An shelanta Jamhuriyar Nijar ranar 18 ga Disamba 1958, ƴancin kai ya zo ranar 3 ga Agusta 1960. Ranaku biyu ne daban. Ta Agusta muke dashen itace, ta Disamba kuma ita ce aka yi bikinta a garin nan a 2017, lokacin Tawa Sakola, yaran nan da yawansu sun ga faretin da idonsu suna ƙanana. Wanda ya tsara tambayar ƴancin kai yake nufi, hannunsa ya rubuta jamhuriya. Yaron da ya san shekara ɗaya tak a tarihin ƙasarsa, 1960, ya samu maki. Yarinyar da ta san bambancin shekarun biyu aka ja mata jan biro. Akwai ɗaya cikinsu da ta zo ta same ni da littafinta a buɗe, ta ce, "Mushe, ba kai ka rubuta mana 1958 a allo ba?" Me zan ce mata? In ce mata yaran yanzu ba su karatu?

Na kai maganar taron malaman tarihi na makarantarmu da takardun a hannu. An ɗan yi ja-in-ja, don babu mai son a ce tambayarsa ta karkace, amma lambobin ba su bar wurin gardama ba. Muka yarda a karɓi 1958, a kuma bar ma masu 1960 makinsu tunda laifin ba nasu ba ne. Wasu yara da ke 9 da rabi suka haura 10. Kai ka san abin da rabin maki ke nufi ga yaron da ubansa ke jiran hujjar cire shi daga lakwal.

Don kada a ce ina sukar takardar duka, akwai tambaya mai kyau a cikinta: shekarar da aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka mayar Yamai, wato 1926. Rabin aji suka ci, na sama 13, na ƙasa biyar, bambanci 0,5. Kowane zaɓi ya samu masu ɗaukarsa cikin na ƙasa. Masana awon jarrabawa suna ɗaukar 0,4 zuwa sama a matsayin tambaya mai kyau ƙwarai, ƙasa da 0,2 kuma abin a sake dubawa. Irin wannan ita ake ajiyewa don baɗi. Da ido kawai ba za ka bambance ta da ta bakwai ba, dukansu kusan rabin aji ne suka ci.

Na san abin da za a ce, cewa jarrabawarmu yawanci ba ta zaɓi ba ce, bayani ake rubutawa. Hanyar ba ta canzawa. Tambaya mai maki huɗu a kan dalilan tawayen Kawusan a Agadas a 1916, ka fitar da matsakaicin na sama da na ƙasa a kanta ita kaɗai. In na sama sun samu uku na ƙasa ɗaya, ta yi aiki. In dukansu suna wajen ɗaya da rabi, ko dai ba a fahimci abin da ake tambaya ba, ko ba a kai ga darasin ba, ko mai gyara ne ke neman jimlar littafi kalma da kalma. Lambar ba za ta faɗa maka wanne ne ba, sai ka buɗe takardun ka karanta. Iyakarta ke nan, tana nuna ƙofar ne kawai. Haka kuma a aji mai yara ashirin, inda kowane tuli bai wuce biyar ba, yaro ɗaya na iya juya sakamakon, don haka gara a haɗa ajujuwa biyu ko uku. Kuma inda yara uku ke matse a benci ɗaya suna leƙen juna, na ƙasa za su yi kama da na sama, lissafin ya lalace. Wannan duk malamar da kuka katse ta sani, da kun bar ta ta ƙarasa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mai awo bai taɓa duba tiyarsa ba, amma kullum yana cewa hatsin manomi ne bai cika ba. Muna gyara takardu ɗaruruwa, mu rubuta maki, mu ɗaure su da igiya mu tura ma'aji gara ta ci, alhali yamma ɗaya da farar takarda da biro sun isa a fitar da abin da na faɗa. Ba a buƙatar kwamfuta, ba a buƙatar wani taron bita mai kuɗin zama.

Tunda na riga na rubuto, ga wata kuma. Kiɗan da kuke sawa ƙarƙashin muryar masu bugo waya ya yi ƙarfi. Mu da ke saurare da ƙaramar rediyo a tsakar gida, rabin maganar mutum ba mu ji, sai gurmi. Ku rage shi don Allah. Sannan ku nemo lambar malamar nan ta Yamai, tana cikin wayarku, ku gayyato ta shirin ku ba ta minti goma ba tare da an katse ta ba. In kuna son takardun ajina ku gani, zan cire sunayen yaran in aiko muku.

Naka mai saurare,
Wani malamin tarihi da labarin ƙasa, Tawa