Kibiyar da ke nuna abin da bai faru ba: amsa ga Malamar kimiyya

"Malam, na ɗauki gwajin kyandir da kwalba a waya domin ɗalibaina na aji biyu, amma da na nuna musu sai suka ce su dai sun ga wuta ta mutu, ruwa ya hau, shi ke nan. Ta yaya zan sa kibau da rubutu, in tsayar da hoton a inda ya dace, har yaro ya fahimci abin da ya faru?"

Malama, assalamu alaikum. Tun da a gaban jama'a kika yi tambayar a taronmu na malaman kimiyya, kuma lokacin sallah ya katse mu, na ga ya fi kyau in amsa a rubuce inda kowa zai gani.

Kin zaɓi gwajin da ya taɓa kunyata ni, don haka da shi zan yi bayani. Shekarun baya na ɗauki irinsa: faranti da ruwa, kyandir a tsakiya, na kifa kwalba. Na zana wata ƙatuwar kibiya ja a cikin kwalbar tana kallon sama, na rubuta a gefe cewa oksijin ta ƙare, ruwa ya hau ya cike gurbinta. Aiki ya yi kyau a ido, har ina jin kaina. Da na nuna a aji sai wani yaro daga kujerar baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mene ne wannan da ya yi ɓulɓul a gindin kwalbar tun da farko?" Na mayar da bidiyon baya. Kumfa ce take fita ta ƙarƙashin bakin kwalbar, ni kuwa ban taɓa lura da ita ba, domin idona yana kan kibiyar da na zana da hannuna. Wannan kumfar ita ce rabin amsar gwajin.

Saboda haka kafin ki taɓa kibiya ko ɗaya, zauna ki kalli bidiyon hoto bayan hoto. Yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto 30 a kowace daƙiƙa, kuma abin da ya wuce cikin rabin daƙiƙa hotuna 15 ne kawai, ido ba ya riƙe su. A kwamfuta, idan kin buɗe shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC, duk danna harafin E zai matsa gaba da hoto ɗaya. A waya, cikin manhajar gyaran bidiyo ta CapCut, ki buɗa layin bidiyon da yatsu biyu har ya yi tsawo, sannan ki ja shi a hankali. Ki ajiye takarda da biro kusa, kina rubuta lokacin da kowane abu ya faru.

Ga abin da na rubuta da na sake ɗaukar nawa, da kwalba mai tsawon santimita 14 da kyandir ɗaya. A daƙiƙa ta 4 bakin kwalba ya taɓa ruwa. Daga nan zuwa ta 5 kumfa ta fita ta gefen hagu. A daƙiƙa ta 11 wuta ta mutu, kuma a lokacin ruwan bai kai ko santimita ɗaya ba a cikin kwalbar. Daga ta 11 zuwa ta 16 ne ya yi tsalle ya kai santimita 3. Ki duba waɗannan lokutan da kyau. Da a ce cinye oksijin ne ke jawo ruwan, da zai riƙa hawa ne yayin da wutar ke ci, ya tsaya idan ta mutu. Bidiyon ya nuna akasin haka: mafi yawan hawan bayan mutuwar wutar ne. Dalilin shi ne wuta ta zafafa iskar da ke kewaye da ita, iskar ta buɗe, wata ta tsere a matsayin kumfa, kuma kwalbar ta rufe iska mai zafi tun farko. Da wuta ta mutu sai iskar ta huce ta tsuke, tururin da ke ciki ya koma raɓa a jikin gilas, matsin ciki ya ragu, iskar waje ta danna ruwan faranti ya shige.

Ki ga yadda lissafi ke ruɗar mutum: 3 cikin 14 kusan kashi 21 cikin ɗari ne, daidai da yawan oksijin a iska. Shi ya sa tsohon bayanin ya daɗe yana yawo. Amma kyandir ba ya cinye oksijin duka, yakan mutu tun oksijin tana kusan kashi 16 cikin ɗari na iskar da ke ciki. Kuma ɗan abin da ya ci bai bar gurbinsa fayau ba, domin a duk ma'auni uku na oksijin da kakin kyandir ya ƙone, yana mayar da kusan biyu na kabon dayokzaid. Da na kunna kyandir biyu a kwalbar nan, ruwa ya haura santimita 4, wato ya wuce duk oksijin da ke ciki. Idan kina da hali ki ɗauki wannan ma, ki ajiye hotunan ƙarshe guda biyu gefe da gefe.

To, daga takardar nan ne za ki san inda za ki tsayar da hoto. A wannan gwajin sau uku sun isa: lokacin kumfa, lokacin da wuta ta mutu, da lokacin da ruwa ya gama hawa. A CapCut ki kai farin layin tsakiya daidai kan hoton da kike so, ki taɓa bidiyon, ki danna Freeze. Zai saka miki tsayayyen hoto na daƙiƙa uku, wanda za ki iya ja ki tsawaita ko ki rage. Ki fara da tsayawar ƙarshe ki dawo baya. Idan kika fara da ta farko, daƙiƙu ukun da ta ƙara za su tura sauran lokutan gaba, sai ki ga 11 ɗin da kika rubuta ta koma 14, ki shiga lalube.

Tsayawar kumfa ta fi buƙatar dabara. Idan kika tsayar bayan kumfa ta wuce, kibiyarki za ta nuna ruwa kwance, yaro ya ɗauki maganarki kawai ba tare da ya gani ba. Ni nakan tsayar da ɗan kaɗan kafin ta fito, in sa kibiya ɗaya a gindin kwalbar da rubutu "Kalli nan", in saki bidiyon ya tafi a hankali, sannan in sake tsayarwa a hoton da kumfar ta fi fitowa sarai, in rubuta "Iska tana fita". Idon yaro ya riga ya isa wurin yana jira. Idan za ki sake ɗauka, kuma wayarki tana ɗaukar hoto 120 ko 240 a daƙiƙa, ki yi amfani da shi domin wannan gaɓar kaɗai. Rage gudun bidiyo mai hoto 30 yakan sa ya riƙa tsalle-tsalle, kumfar ma ta fito a dusashe.

A tsayawa ta biyu, wato ta mutuwar wuta, kibiya ba ta da amfani sosai. Layi ake so. Ki ja ɗan gajeren layi a kwance daidai saman ruwan da ke cikin kwalbar, ki rubuta "Wuta ta mutu, daƙiƙa 11", sannan ki tsawaita layin nan ya zauna a wurinsa har ƙarshen bidiyon. Yaro zai ga ruwa ya taso ya bar layin a ƙasa, kuma wannan ya fi duk wani dogon bayani da za ki yi da baki. Lokacin da za ki rubuta na ainihin ɗaukar ne, wanda ke takardarki, domin agogon sabon bidiyon ya riga ya gurɓace da tsayawar da kika saka.

Sai dai layin nan a jikin fuskar waya yake manne, bai san da kwalba ba. Idan da hannu kika riƙe wayar lokacin ɗauka, kwalbar za ta riƙa zamewa daga ƙarƙashinsa, ma'aunin ya zama ƙarya. A irin wannan hali ki bar kibau da layuka a kan tsayayyun hotuna kaɗai, ko kuma ki sake ɗauka, wanda shi na fi ba ki shawara, don bai fi minti biyar ba. Ki jingina wayar da bulo ko tarin littattafai, idon kyamara daidai da saman ruwan, saboda in daga sama kika leƙo, tsayin ruwan zai fito ba daidai ba. Ki tsayar da rula a jikin kwalbar. Ruwan kuma ki zuba masa ɗan zoɓo ya yi ja, ki sa farin kwali a baya. Ruwan da ake gani da kyau ya rage miki kibiya biyu.

A tsayawa ta uku ne kibiyar da ta kunyata ni take son dawowa. Hannu yana ƙaiƙayin zana ta a cikin kwalba tana kallon sama, sai yaro ya tashi da tunanin akwai wani abu a ciki da ke zuƙo ruwa. Babu mai zuƙowa. Ki sa kibau biyu a waje, dama da hagu, suna kallon ƙasa, tsininsu yana taɓa saman ruwan faranti, da rubutu "Iskar waje tana danna ruwa". Kuma tun da waɗannan kibau suna nuna abin da kyamara ba ta gani ba ne, ki bambanta launinsu. Ni nakan sa rawaya ga abin da ido ya gani, kamar kumfa da tsayin ruwa, fari kuma ga bayanina. Nakan faɗa wa yara wannan tun farko, domin su san wanne za su iya yi mini gardama a kai.

Rubutu kada ya wuce kalma huɗu ko biyar, kuma ya zauna kusa da wutsiyar kibiyar, ba a kan abin da ake nunawa ba. Ki ba shi baƙin gefe don kada ya ɓace a kan farin kwali. Tsawon tsayawa kuwa, ki karanta rubutun a bayyane sau biyu, iya lokacin da ya ɗauka shi ne ma'auninki. Wani ƙaramin abu da na koya da wahala: ki sa alamar tsayawa a kusurwa, ko kalmar "An tsayar", in ba haka ba masu kallo a waya za su zaci data ce ta ƙare, su fita.

Idan kin gama, ki tura wa kanki ta WhatsApp ki buɗe a ƙaramar waya, don yana matse bidiyo, siririn layi da ƙananan haruffa sukan narke. In kin ga haka ki ƙara musu kauri, ko ki tura shi a matsayin Document. Sannan ki samu yaro ɗaya da bai ga gwajin ba, ki kashe sauti, ki ba shi ya kalla, ki tambaye shi yaushe ruwan ya fi hawa. Idan ya ce lokacin da wuta ke ci, layinki na daƙiƙa 11 bai fito ba, ki koma kansa.

Ki kawo mini naki a taro mai zuwa, da takardar lokutan, mu kwatanta da nawa. Ina son ganin ko kwalbarki ta yi kumfa, domin idan aka kifa ta a hankali wani lokaci ba ta yi, iskar tana tserewa tun kafin bakin ya taɓa ruwa.

Wassalam.