Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana: Buƙatarka Tana Layin Ƙarshe

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa, takardar da ka turo mini in duba ta iso, wadda ƙungiyarku ta matasan unguwa za ta kai wa shugaban ƙaramar hukuma kan famfon nan da ya lalace. Na karanta ta sau biyu. Hausarka ba laifi, ladabinka ma ya yi. Amma sakin layi na farko sai an sake shi, domin sai da na kai jimlarsa ta ƙarshe kafin na gane abin da kuke nema, kuma ko a nan ɗin ban gane sosai ba.

Ga abin da ka rubuta, na kwafo shi yadda yake don ka gani da idon baƙo:

"Kamar yadda mai girma shugaba ya sani, ruwa shi ne rayuwa, kuma babu al'ummar da za ta ci gaba ba tare da shi ba. Unguwarmu tsohuwar unguwa ce mai tarihi, wadda ta daɗe tana ba gwamnati haɗin kai. Shekarun baya an haƙa mana famfon tuƙa-tuƙa, wanda muka yi farin ciki da shi ƙwarai, ko da yake tun a lokacin wasu dattawa sun ce wurin bai dace ba. Daga baya ya riƙa ba da matsala, muka sanar da kansila har sau uku ba mu ji komai ba, sannan muka yi taro a ƙofar gidan mai unguwa inda aka tattauna sosai. Ganin haka ne muka ga ya dace mu rubuto domin a duba lamarin."

Na san abin da ya sa ka rubuta shi haka. Ka bi labarin ne yadda ya faru, daga haƙa famfo zuwa taron ƙofar mai unguwa, don haka buƙatar ta zo a ƙarshe, tunda ita ce ta faru a ƙarshe. Kowa haka yake fara rubutu, kuma ba aibi ba ne a rubutun farko, domin da shi ne mutum yake gano abin da yake son faɗa. Kuskuren shi ne a ɗauki wannan rubutun na farko a sa a ambulan.

Bari in gaya maka hanyar da takardar za ta bi, tunda na yi shekaru ina zaune a teburin da irinta ke sauka. Ba hannun shugaba za ta fara shiga ba. Magatakarda ne zai karɓa, ya buga mata hatimi da kwanan wata, ya duba kanta da layukan farko don ya san fayil ɗin da zai sa ta. Daga nan ta je gaban sakatare ko shugaban, a cikin tarin wasu takardun, shi kuma aikinsa ya ɗauki biro ya rubuta layi ɗaya a gefe: a kai wa sashen kaza, a yi kaza. To, dubi sakin layinka ka gaya mini me zai rubuta. Takardar ƙorafi ce a kan kansila? Ta neman sabon famfo ce, tunda ka ce wurin bai dace ba? Ko ta gyara ce? Wanda bai gane inda zai tura takarda ba yakan ce a ajiye ta tukuna, kuma na ga takardun da suka shekara a ajiye saboda wannan kawai.

Ni ma haka aka koya mini. A shekarata ta farko a ofis na rubuta wata takarda mai shafi biyu, maigidana ya karanta, ya zagaye jimla ɗaya a can ƙasa da jan biro, ya ja kibiya daga ita har saman shafin, ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba. Na ji haushi ranar, don na ɓata dare a kanta.

Don haka ka fara da neman jimlar da za a zagaye. A taka, ita ce "domin a duba lamarin". Sai dai ko an ɗauko ta an kai sama ba za ta yi aiki ba, saboda ba ta nemi komai ba. Mutum zai iya duba lamari ya rufe fayil, kuma bai saɓa muku ba. Ka ɗauka ka tsare shugaban a bakin mota, ƙafarsa ɗaya a ciki, ya ce maka: "Me kuke so in yi?" Ba za ka ce masa ruwa shi ne rayuwa ba. Za ka ce famfonmu ya lalace, muna so a gyara. Wannan amsar ta bakin mota ita ce farkon takardarka, sai dai a ƙara mata abin da zai sa a iya aiki da ita: wane famfo, me ya same shi, nawa ne, me kuke so ofishin ya yi da hannunsa.

Abin mamaki, duk amsoshin suna cikin takardarka, ka binne su ne a shafi na biyu. A can ka ce makaniki ya buɗe famfon ya tarar sandunan ƙarfen ciki sun yi tsatsa sun karye, ya yi kiyasin naira 185,000. A can kuma, kusan a layin sallama, ka ambata cewa kun tara naira 50,000 a tsakaninku. Haba ɗana! Ai wannan ita ce magana mafi ƙarfi a duk takardar. Mai riƙe da kuɗin hukuma kullum masu miƙo hannu yake gani, in ya ga waɗanda suka zo da nasu kason a hannu zai gyara zama.

Ga yadda ni zan buɗe ta:

"Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ƙaramar hukuma ta taimaka da naira 135,000 domin gyara famfon tuƙa-tuƙa da ke gefen makarantar firamare ta unguwarmu, wanda ya daina ba da ruwa wata uku ke nan. Kuɗin gyaran gaba ɗaya naira 185,000 ne, mun riga mun tara 50,000."

Jimla biyu ke nan. Wanda ya karanta su ya tsaya, ya san wa ke roƙo, me ake roƙo, nawa ne, kuma ya san sashen ayyuka zai tura. In kuma kun fi son hukuma ta turo nata ma'aikacin ya yi gyaran maimakon ta ba da kuɗi, sai ka faɗi hakan a wurin. Amma ku zauna ku zaɓi ɗaya kafin ka rubuta. Sau da yawa abin da ke sa farkon takarda ya yi ta kewaye-kewaye shi ne masu ita ba su gama shawara a kan abin da suke so ba, kuma wannan ba gyaran jimla ne zai warware shi ba.

Sauran bayanin fa? Ba duka za a zubar ba, tankaɗe shi za a yi. Ka ɗauki kowace jimla ka tambayi kanka: in babu ita, shugaban zai kasa yanke shawara? Maganar ruwa shi ne rayuwa ya san ta tun kafin a haife ka, ta fita. Tarihin unguwa da haɗin kan da take bayarwa ba sa ƙara wa gyara ko kwabo, su fita. Abin da ya cancanci zama, a sakin layi na biyu, shi ne abin da ke nuna girman matsalar da gaskiyar kuɗin: gida kusan 60 ne ke ɗiba a famfon, yanzu wajen 'yan garuwa suke saye, yaran makaranta ma a nan suke sha, ga abin da makaniki ya gano, ga takardar kiyasinsa a haɗe.

Jimloli biyu kuwa ina so ka cire su ko da takardar ta yi gajarta. Ta dattawan da suka ce wurin bai dace ba, ka ba wa mai neman dalilin ƙi dalili da hannunka: me ya sa za a kashe kuɗi a famfon da masu shi ma suke shakkar wurinsa? Ta kansila kuma, na san tana ci muku rai, kuma mai yiwuwa kuna da gaskiya. Amma da ta shiga sakin layin farko, takardar ta tashi daga ta gyaran famfo ta koma ta ƙara, sai a fara kiran kansila a ji ta bakinsa, shi kuma ya zama abokin gabar gyaran. In dole sai an ambata, layi ɗaya ya isa a can ƙasa: mun sanar da kansilan mazaɓarmu. Ba sau uku, ba "ba mu ji komai ba".

Na san abin da za ka ce, domin mahaifiyarka ta riga ka faɗa da na karanta mata: wai ba tarbiyya ba ce a tari babba da buƙata kai tsaye. A zaure gaskiyarta ne. Wanda ya shigo ya zauna bai tambayi gida da gajiya ba ya kawo buƙata, ba za a ga hankalinsa ba. Amma a zaure kana kallon fuskar mutum, yana iya katse ka ya ce to me ke tafe da kai. Takarda ba ta da wannan. Kuma ka dubi wasiƙun sarakuna da waziran Sakkwato na da, waɗanda aka rubuta da Larabci: daga wane zuwa wane, gaisuwa da aminci, sai "bayan haka", sai maganar. Da yawansu ba su cika shafi ba, kuma babu wanda zai ce mutanen nan ba su san girmamawa ba. Layi ɗaya na gaisuwa da kalmar "muna roƙo" sun ɗauke maka nauyin ladabi.

Kada dai ka ɗauki wannan ka shafa wa kowace wasiƙa. Ta ta'aziyya, ko wadda za ka sanar da mutum labari mai nauyi, ko ta neman sulhu da ɗan'uwa, waɗannan suna son a shimfiɗa tabarma kafin a zauna. Ina maganar takardar da ake son wani ya ɗauki mataki a kanta ne. Kada kuma gajartawar ta wuce gona da iri. "Muna so a gyara mana famfo" gajere ne, amma ƙaramar hukumar nan famfo nawa ke cikinta? Dole a sake nemanku a tambaya, kuma ba lalle a nema ba.

Kan takardar ma ka gyara shi. Abin da ka rubuta shi ne "Koke Daga Matasan Unguwa". Mai da shi "Neman Taimakon Gyaran Famfon Tuƙa-tuƙa", ka ƙara sunan unguwar, don magatakarda ya san fayil tun bai karanta jikin ba.

In ka gama, ka ninke takardar yadda sakin layin farko kaɗai zai fito, ka ba wani da bai halarci taronku ba, ko maƙwabcinka mai shago. Ya karanta sau ɗaya, ka karɓe, ka tambaye shi me ake nema, a wurin wa, nawa. In ya amsa ukun ba tare da ya ce bari in sake gani ba, ka buga ta. Ka yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa ku riƙe a wurinku, domin ranar bibiya da ita za ku shiga ofishin.

Ka turo mini sabuwar kafin Juma'a in sake gani. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce a tuna maka maganar man ƙafarta. A gaida mai ɗakinka da yara.

Wassalam,
Mahaifinka.