Ku Dawo da Matashin Mai Gyaran Sikeli Ya Ƙarasa Bayaninsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na rubuto ne cikin ɓacin rai game da shirinku na matashin nan mai gyaran sikeli, domin kun ɓata lokaci a kan hayaniyar da ta tashi a kasuwa bayan ya gano sikelin da aka yi wa coge, amma da ya fara yi wa 'yan kasuwa bayanin yadda ake saita ma'auni sai kuka katse shi.

Abin da ya soma faɗa shi ne, ganin allura a kan sifili ba ya nuna cewa sikeli na da gaskiya. Wannan magana ta taɓa ni, domin a kakar bara na kai buhu 12 na riɗi wurin wani dillali, kowanne na auna shi a gida ya ba ni kilo 75, amma a sikelinsa kowane buhu 72 ya nuna. Da na yi ƙorafi sai ya sauke buhun, ya nuna mini allura zaune daram a kan sifili, ya ce riɗin ne ya ƙara bushewa a hanya. Haka na karɓi kuɗina na tafi, na bar masa kilo 36, kusan rabin buhu.

Sai daga baya wani makaniki ya fahimtar da ni cewa cutar iri biyu ce. Idan sifili aka karkatar, abin da ake zaftarewa ɗaya ne komai nauyin kaya, kuma ido na iya kama shi kafin a ɗora komai. Idan kuwa saitin cikin na'urar aka taɓa, sifili yana nan lafiya lau, sai dai ragin yana ƙaruwa tare da nauyi: kilo 25 ya nuna 24, kilo 50 ya nuna 48, kilo 100 ya nuna 96. Shi ya sa mai saitawa yake ɗora duwatsun awo da aka tabbatar da nauyinsu, ƙarami da matsakaici da babba, sannan ya matsar da dutse guda zuwa kusurwoyi huɗu na farantin ya ga ko lambar za ta sauya. Wanda ba shi da dutse, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka lita 20 da aka auna da kyau ya kamata ta ƙara kilo 20 a kan nauyin jarkar, ko da yake wannan gwaji babbar cuta kawai yake tonawa.

Ko sunan Sashen Awo da Ma'auni na ma'aikatar kasuwanci ta tarayya, wanda aikinsa ne duba sikeli da sanya masa hatimi, ba ku ambata ba, balle ku gaya wa manomi inda zai kai ƙara. Ga kuma tallace-tallacenku da ƙararsu ke ninka ta shirin, har sai mutum ya tashi ya rage murya.

Ina roƙonku ku sake gayyato yaron nan kafin kakar riɗi ta shigo, ku bar shi ya yi gwajin daga farko har ƙarshe.

Naku,
Wani manomin riɗi daga Jigawa