Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya Na Jihar Filato Kan Cutar Tsargiya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto wannan wasiƙa ne daga Bukuru, a matsayina na wanda ya yi shekaru masu yawa yana duba fitsari da bayan gida a ɗakin gwaji kafin ya yi ritaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro ɗan maƙwabcina, mai shekara 11, wanda mahaifinsa ke noman lambu a bakin wani tsohon kududdufin kuza.

Yaron ya kusa shekara yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa bai faɗa wa kowa ba, domin abokansa ma suna gani, kuma manyan cikinsu sun ce masa alamar zama namiji ce. Sai da mahaifiyarsa ta ga tabo a wandonsa wajen wanki maganar ta fito. Na ce a kai fitsarinsa gwaji, amma a ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, domin a lokacin ne ƙwan tsutsar da ke kawo tsargiya ya fi fita. Da aka tace shi aka sa a madubin likita, sai ga ƙwayaye masu siffar ƙwallon dabino, kowanne da 'yar ƙaya a ƙarshensa, wato shaidar tsargiyar mafitsara. Nauyinsa kilo 30 ne, kuma ana ba da maganin firazikwantel miligiram 40 ga kowane kilo, don haka rabonsa miligiram 1,200, wato ƙwaya biyu masu miligiram 600 kowace. Ya sha bayan ya ci tuwo, ya yi ɗan jiri da murɗar ciki na yini guda, cikin 'yan makonni fitsarinsa ya washe. Bayan wata bakwai jinin ya dawo, saboda tun washegarin shan maganin ya koma cikin ruwan nan yana taya mahaifinsa ban ruwan kabeji da karas.

Wannan dawowar ce nake roƙon ma'aikatarka ta duba, kuma ba za a gane ta ba sai an bi tafiyar tsutsar. Mai cutar yana yin fitsari ko bayan gida a cikin ruwa ko a bakinsa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar da ta fito ta shiga neman wani ƙaramin dodon koɗi na ruwan daɗi, irin wanda ke manne a jikin ciyawa da ganyen bado, wanda girmansa bai wuce farce ba. Idan ba ta same shi cikin 'yan sa'o'i ba, mutuwa take yi. Idan ta same shi kuwa, sai ta hayayyafa a cikinsa na tsawon mako huɗu zuwa shida, daga nan dodon koɗin ya riƙa sako ɗaruruwan 'yan tsutsotsi masu wutsiya biyu a cikin ruwan kowace rana, musamman da rana tsaka, daidai lokacin da yara ke wanka, mata ke wanki, masu lambu ke ɗiba. Ba sai mutum ya sha ruwan ba. Fata suke hudawa cikin mintuna kaɗan, su bi jini su girma a wajen hanta, sannan namiji da mace su zauna a jijiyoyin jinin mafitsara ko na hanji suna zuba ƙwai shekara da shekaru. Mutum ba ya ɗaukarta kai tsaye daga mutum, dole sai ta bi ta jikin dodon koɗin.

Ƙwan da ya kasa fita daga jiki shi ne mai ɓarna. A mafitsara yana farawa da jini da zafin fitsari, da tafiya ta yi nisa bangon mafitsarar ya yi kauri, hanyar da ke sauko da fitsari daga ƙoda ta tsuke, ƙodar ta kumbura, a wasu kuma abin ya kai ga sankarar mafitsara bayan sun manyanta. A mata yana zama a mahaifa da al'aura, ya kawo ƙaiƙayi da zubar jini da ciwon mara, har ya hana haihuwa, kuma sau da yawa ana ɗaukarsa ciwon sanyi ne, a yi ta ba mace maganin da ba nata ba, wani lokaci har da zargin da bai dace ba. Tsargiyar hanji ta fi ɓoyewa: ciwon ciki, gudawa da ɗan jini, sai daga baya hanta da saifa su kumbura, ciki ya tara ruwa, mutum ya fara aman jini. Wannan ba a ganinta a fitsari, sai an duba bayan gida, inda ƙwan yake da ƙayarsa a gefe.

Ban manta da aikin da aka yi ba. Tun 1999 Cibiyar Carter ke aiki da gwamnatocin Filato da Nasarawa wajen rabon wannan magani, kuma na ga malaman firamare suna tsayar da yara jikin sandar awon tsawo suna ƙirga musu ƙwayoyi. Amma maganin yana da iyaka. Yana kashe manyan tsutsotsi, ba ya yi wa ƙananan da suka shiga jiki kwanan nan wani abin kirki, kuma ba rigakafi ba ne, ba ya hana sabon kamu. Bugu da ƙari, rabon da aka jingina da makaranta yana tsallake waɗanda suka fi daɗewa a cikin ruwan: almajirai, yaran da ke lambu a lokacin aji, matan da ke wanki, masu wankin kuza da masu kwasar yashi. Mahaifin yaron nan bai taɓa shan maganin ba, kuma a bakin ruwan yake yin fitsari domin babu masai a kusa. Da aka gwada shi, shi ma yana ɗauke da ƙwan.

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa duk al'ummar da cutar ta kai kashi 10 cikin ɗari, a ba kowa maganin sau ɗaya a shekara tun daga ɗan shekara biyu, har da manya, da masu shayarwa, da masu ciki bayan watanni uku na farko. Roƙona na farko shi ne a bi wannan a Filato, kuma a yi awon unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye, domin idan aka dunƙule lissafin ƙaramar hukuma guda, ƙauyen da ke bakin kududdufi zai ɓace a cikin garuruwan da ke da famfo. Tsinken gwajin jini a fitsari ba shi da tsada, ma'aikacin lafiya na ƙauye zai iya amfani da shi.

Ina kuma roƙon a ajiye firazikwantel a ƙananan asibitoci duk shekara, don wanda ya ga jini a watan Maris kada ya jira ranar rabo, kuma a koya wa ungozomomi da nas-nas su tambayi macen da ta zo da ciwon mara ko tana shiga ruwa. Sannan ina fatan za ka zauna da takwaranka na albarkatun ruwa a kan kududdufan da ke tsakanin Bukuru da Barikin Ladi: a bincika waɗanda ke da dodon koɗin, a yi masai da rijiyar burtsatse da wurin wanki a kusa da su, a kuma sanar da jama'a cewa ruwan da aka ɗiba aka ajiye kwana biyu zuwa uku kafin a yi wanka da shi, tsutsar da ke cikinsa ta riga ta mutu. Hana mai lambu shiga ruwa ba zai yiwu ba, abincinsa ne, amma takalmin roba mai tsawo da injin ban ruwa suna rage tsayuwarsa a ciki.

Yaron ya sake shan ƙwayoyinsa biyu a makon da ya wuce, shi da mahaifinsa da ƙannensa uku, da kuɗin da mahaifin ya cire daga cinikin tumatir. A shirye nake in raka jami'anka zuwa bakin ruwan duk ranar da suka tashi.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji, Bukuru, Jos.