Koke zuwa ga Mai Girma Hakimin Illela kan manoman da ke da gonaki a tsallaken iyaka

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, mu talakawanka ne manoma da 'yan kasuwa na Illela, mun haɗu da 'yan uwanmu na Birnin Ƙonni muka rubuto wannan koke.

Allah ya ja zamaninka, kai ka fi mu sani, tsakanin Illela da Ƙonni tafiyar 'yan mintuna ce a kan mashin, su ci kasuwarmu ran Lahadi mu ci tasu ran Laraba, aure ma ya cakuɗe. Amma mu takardunmu Sakkwato suke zuwa, nasu Tawa, mu naira su sefa, mu kwastan su duwan da jandarma. To duk ran da manya suka saɓa a Abuja da Yamai, kanmu abin ke sauka.

A Agustan 2019 aka rufe boda sai Disambar 2020 aka buɗe, a tsakiyar haka aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mu kuwa gaba ɗaya garinmu ciki yake. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris 2024, aka yanke wa Nijar lantarki.

Rufewar 2023 ta fi ci mana rai don a tsakiyar damina ta faɗo. Akwai dattijo a cikinmu, gonar gado gare shi a tsallake, kakansa na noma ta tun kafin Turawa su kafa alamar iyaka. Ya sayi taki a nan da nairarsa, buhu ɗaya tak ya ɗaura wa mashin, aka tare shi a shinge wai fasa-ƙwauri, ya koma ta barauniyar hanya can ma sai da ya ba da na goro, kafin ya samu yin maimai ciyawa ta ci ƙarfin geron. Da kaka kuma dammunan da ya noma da hannunsa aka ce ai hatsin wata ƙasa ne. Wa zai kai wa ƙara? Hukumar nan ta ce gonar ba a ƙasarta take ba, ta can ta ce mutumin ba nata ba ne.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, ka zauna da Sarkin Ƙonni da shugaban ƙaramar hukuma da magajin garin can, masu unguwanni su rubuta sunan duk mai gona a tsallake, a ba shi kati mai hoto da hatimin ɓangarori biyu, a ƙayyade buhun takin da zai wuce da shi gwargwadon gonarsa, a kai rajistar kowane shinge. Mai naƙuda da masu rakiyar gawa ma a saka su ciki don Allah.

Muna roƙon a yi zaman nan kafin ruwan shuka.

Talakawanka,
Manoma da 'yan kasuwar Illela da Ƙonni