Sanarwa: zaɓen jigon aikin ƙarshen karatu

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗaliban ilimin kwamfuta, ƴan shekarar ƙarshe a nan Tawa. Za mu zauna ranar Asabar da ƙarfe 4, bayan la'asar, a ajinmu, don kowa ya tsayar da jigonsa kafin mu kai wa malamai.

Jigogin suna da yawa, kuma na ga rabinmu sun ƙwallafa rai a kan ƙirƙirarriyar basira. Kafin ka zaɓa, tambayi kanka: bayanan da zan yi aiki da su suna ina? Bara wani yayanmu ya ɗauki gane cututtukan hatsi ta hoto. Sai da ya fara ya tuna rani ne, gonaki sai kara, alhali kowace cuta tana buƙatar ɗaruruwan hotunan ganye, kuma sai masanin gona ya tantance su. Wata 2 suka tafi a banza, ya canza jigo a gurguje. Wadda ta ɗauki lissafin kayan wani ƙaramin shagon magani kuwa, littafin mai shagon ya ishe ta. Ta zuba bayanan a SQLite, manhajar tana aiki ko babu intanet, tana gargaɗi kwana 30 kafin wa'adin magani ya ƙare.

Don haka kowa ya turo mini shafi guda kafin daren Alhamis: matsalar, wanda zai yi amfani da manhajar, wanda zai ba ka bayanan (ka tabbata ya yarda, ba "zan tambaya" ba), da abin da za ka nuna a allo ranar kare aikin. Mai kwamfuta ya zo da ita a cike da caji, kun dai san halin wuta.

Allah Ya ba mu sa'a. Naku, wakilin aji.