Ina jin kamar sojan gona nake yi a ofis

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya tare da iyali da abokan aikinki na gidan rediyo. Na daɗe ina sauraron shirinki, yawanci a cikin mota idan cunkoso ya tare mu a hanyar Kubwa. Ina roƙon kada a ambaci sunana, domin a unguwarmu ba a rasa mai kunna rediyo.

Ni 'yar Jos ce, a Gangare aka haife ni, shekarata 29. Mahaifina yana da shagon kwanuka a babbar kasuwar Taminus har zuwa gobarar 2002 da ta cinye kasuwar. Daga nan bai sake samun shago ba, sai ya koma Farin Gada yana sayar da dankalin Turawa da kabeji. Mahaifiyata ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Mu takwas ne, ni ce ta uku, kuma ni ce ta farko a duk zuriyarmu da ta taɓa shiga jami'a. Na karanta akanta a Jami'ar Jos, na yi bautar ƙasa, na ci jarrabawar ICAN ta zama ƙwararriyar akanta, yanzu shekarata uku ina aiki a wani kamfani a Abuja. Duk wanda ya ji wannan sai ya ce Alhamdu lillahi, kuma wallahi nima ina faɗa. Amma Hajiya, tun ranar da aka rataya mini katin aiki a wuya ban taɓa jin cewa kujerar nan tawa ba ce. Kullum gani nake kamar kuskure aka yi wajen ɗaukata, kuma akwai ranar da wani zai buɗe fayil ɗina ya gane.

Bari in ba ki labarin abin da ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa.

Wata biyu da suka wuce muna shirya lissafin harajin kaya, wanda ake kira VAT, domin dole a miƙa wa hukumar haraji kafin 21 ga watan da ya biyo baya. Akwai wata kwangila da aka biya mu naira 21,500,000, kuma a takardar yarjejeniyar an rubuta ƙarara cewa harajin yana cikin kuɗin. Wani abokin aikina da ya girme ni a ofis, wanda ya yi karatunsa a ƙasar waje, ya haska lissafinsa a bango. Ya ɗauki kashi 7.5 cikin ɗari na kuɗin gaba ɗaya, ya fitar da 1,612,500. Da ganin adadin na san ba daidai ba ne. Idan haraji yana cikin kuɗi, sai an fara raba kuɗin da 1.075 a samu ainihin farashin aikin, wato miliyan 20 cif, sannan abin da ya rage, 1,500,000, shi ne harajin. Shi kuwa ya ɗora haraji a kan haraji ne, ya ƙara 112,500 da ba a bin mu. Wannan ba wani zurfin ilimi ba ne, ɗalibin shekarar farko ya san shi. Har na rubuta adadin daidai a gefen littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashinsa.

Manaja ya ɗago kai ya ce, akwai mai gyara? Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina na girgiza kai. Zuciyata ce take ce mini: ke wace ce? Mutumin da ya yi karatu a waje ba zai yi irin wannan kuskure ba, ƙila akwai wata doka da kowa ya sani sai ke. Idan kika buɗe baki kika yi kure, yau za su tabbatar da abin da suke zargi. Haka na rufe littafina da tafin hannu, aka wuce, aka biya kuɗin.

Bayan mako uku mai binciken lissafi ya gano. Dawo da kuɗin da aka biya hukuma fiye da kima ba ƙaramin rubuce-rubuce ba ne, kuma ni aka ɗora wa. Ina cikin nemo takardu manaja ya tsaya a kan teburina, ya ga shafin nan a buɗe da kwanan watan taron a samansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ashe kin gani tun ranar. Me ya hana ki magana?” Ban iya ba shi amsa ba. Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska na dawo. Abokin aikin nan kuwa cewa ya yi kowa na kuskure, ya ba da haƙuri, washegari ya shigo yana gaisawa da mutane kamar komai bai faru ba. Ban ga laifinsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shi kuskure ya yi ya wuce, ni kuwa da a ce ni na yi, da na ɗauke shi shaidar cewa dama ban cancanta ba.

Kuma ba a ranar kaɗai ba ne. Saƙo mai layi huɗu sai in karanta shi sau goma kafin in tura. Nakan rage a ofis har bayan isha'i ina sake duba abin da na riga na duba. Idan aka yaba mini sai in ce sa'a ce, kuma har cikin zuciyata haka na ɗauka. Takarda ɗaya na taɓa faɗi a jarrabawar ICAN, na sake na ci, amma ita kaɗai nake tunawa, sauran da na ci kamar wata ce ta rubuta su. Lokacin da aka ɗauke ni an tambaye ni albashin da nake so, na ce duk abin da aka ba ni na gode. Daga baya na gano wadda muka shigo tare, mai takardu irin nawa, ta yi ciniki an ƙara mata. Ita mahaifiyarta ma'aikaciyar banki ce, a gida aka gaya mata ana yin haka. Ni wa zai gaya mini? A gidanmu an koya mini kada in katse babba, kada in haɗa ido da shi, kada in yabi kaina. Tarbiyya ce mai kyau, ina alfahari da ita. Amma a ofis wanda ya yi shiru ana ɗauka ba shi da abin faɗa ne. Sannan a watannina na farko na taɓa jin wata tana cewa ai an ɗauke ni ne don a samu 'yar Arewa a sashen. Sau ɗaya na ji, shekara uku ke nan, har yau tana kunnena.

A gida kuma wani nauyin ne. Babu mai kirana da sunana yanzu, kowa Akanta. Idan na je Jos da salla, Inna takan shimfiɗa mini darduma ni kaɗai, ƙannena suna kan tabarma. Kuɗin makarantar uku daga cikinsu a kaina yake, da maganin hawan jinin Baba. Ban taɓa jin ƙyashin wannan ba. Tsorona shi ne, idan na faɗi ba ni kaɗai zan faɗi ba. Na taɓa gwada gaya wa Inna cewa ina jin ban kai ba. Ta riƙe hannuna ta ce baki ne ya yi mini yawa, ta sa aka yi mini rubutu. Yayana kuma ya ce in ji tsoron Allah kada in yi butulci, mutum nawa ne ke yawo da takardu babu aiki. Dukansu don ƙauna suka faɗa. Daga ranar ban sake tayar da maganar ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Bara Baba ya zo Abuja ganin likita, ya ce yana so ya ga wurin aikina. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Da muka isa bakin get ya ɗaga kai ya kalli ginin, ya ga masu kwat suna shiga da fita, sai ya tsaya. Ya ce, “Je ki, uwata, na gani ya isa. Kada in ɓata miki.” Ya zauna a benci wajen masu gadi yana jan carbi har na fito. Hajiya, da ya ƙi shiga sai na ji sanyi a raina. Na ji daɗin cewa ba za su gan shi ba, su san daga inda na fito. Mutumin da ya koya mini lissafi da ƙaramin littafin bashinsa, yana karanto mini buhu nawa aka kai wa wane ina tarawa, tun ina aji uku a firamare. Duk sanda na tuna wannan sanyin da na ji, barci gagarata yake yi. A ofis idan aka tambaye ni sana'arsa sai in ce ɗan kasuwa ne, in bar su su ɗauka mai manyan shaguna ne. Ga ni nan, a ofis ina ɓoye gida, a gida ina ɓoye ofis.

Na karanta cewa tun 1978 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka yi rubutu a kan mata masu nasara da ke jin kamar yaudarar mutane suke yi. Na ɗan samu sauƙi da na san ba ni kaɗai ba ce. Amma sanin hakan bai buɗe mini baki a taro ba.

Yanzu ga inda nake. Shugabar sashenmu za ta bar aiki, kuma manajan nan da ya ga littafina ya kira ni ya ce ni yake so in riƙe wurin. Mutum huɗu za su dawo ƙarƙashina, har da wanda ya yi kuskuren. Ni zan sa hannu a rahoton ƙarshen wata, ni zan tsaya gaban masu bincike. Ya ba ni mako biyu in yi tunani, saura kwana shida. Na yi istihara. Na rubuta takardar ƙin karɓa tana cikin jakata, ban miƙa ba, ban kuma yaga ba.

Hajiya, ta yaya mutum zai bambance tsakanin sanin iyakarsa na gaskiya da wannan waswasin? Domin akwai abubuwan da da gaske ban iya ba, ban taɓa shugabantar kowa ba, kuma ba na so in karɓi amanar da zan kasa. Idan na karɓa, ya dace in gaya wa manaja tsoron da nake ji, ko zai ɗauke shi rauni ya janye? Wannan halin ya kai in ga likitan ƙwaƙwalwa, ganin har ya fara hana ni barci da cin abinci, ko abu ne da ke wucewa da kansa? Sannan maganar Baba. In nemi gafararsa a kan abin da bai ma san na ji ba, ko faɗar za ta fi yi masa ciwo?

Zan kasa kunne a shiri mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Taki,
'yarki daga Kubwa